Yaro Mai Disleksiya: Wa Zai Riƙe Tsarin Koyonsa, Makaranta, Ƙwararre Ko Gida?

Da zarar iyaye sun gane cewa matsalar karatun ɗansu ta wuce wasa ko lalaci, sai shawarwari su yi musu yawa. Wannan ya ce a ɗauko malamin lesin, wancan ya ce a canja makaranta, hedimasta ya ce a bar musu za su kula, kaka kuma ta ce a ƙyale yaro, ubansa ma sai da ya girma kansa ya buɗe. Duk waɗannan hanyoyi suna komawa ga abu ɗaya ne: takardar da ke faɗin abin da za a koya wa wannan yaron shi kaɗai, sauƙin da za a yi masa a aji, da ranar da za a zauna a duba ko an ci gaba. Abin da ya rage shi ne a hannun wa takardar za ta zauna.

A Amurka doka ta tilasta wa makarantun gwamnati rubuta irin wannan tsari tun 1975, a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake gwada yaron duk bayan shekara uku. A Ingila ƙa'idar ta ce makaranta ta zauna da iyaye aƙalla sau uku a shekara. A Nijeriya akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma a aikace ba wani ofishi da zai aiko muku da takardar ɗanku. Ku ne za ku nema, kuma abin da za ku samu ya dogara da wanda kuka zaɓa ya riƙe ta.

Kafin a kashe ko sisi, a kai yaron a duba idonsa da kunnensa. Disleksiya ba ciwon ido ba ce, wahala ce wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa, amma yaron da ba ya ganin allo ko ba ya jin malama sosai zai nuna alamu masu kama da ita. Sannan a yi wa kai gaskiya: an taɓa koya masa haɗa baƙi da wasali yadda ya kamata kuwa? A ajin da rabin yara ba su iya karatu ba, rashin iyawar ɗanku ba hujja ba ce tukuna. Wanda ake zargi da disleksiya shi ne wanda aka koya masa, abokansa suka wuce, shi ya tsaya, alhali in da baki ne ya fi su bayani.

Abubuwan da za a auna kowace hanya da su

Na farko shi ne buri. "Ya inganta karatunsa" ba buri ba ne, fata ne. Burin da zai yi aiki yana faɗin inda yaro yake yau da lamba, inda ake so ya kai, da ranar da za a auna. Uku sun isa a zango ɗaya. Takardar da ke ɗauke da buri goma, ku tabbata ba wanda zai bi ko ɗaya.

Na biyu shi ne koyarwar kanta, kuma a nan yawancin takardu suke yin shiru. Wa zai koya masa, minti nawa, sau nawa a mako, da wane littafi? Abin da ke taimakon mai disleksiya shi ne a bi sautuka daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba a wucewa sai na baya ya zauna, yana ji, yana faɗa, yana rubutawa a lokaci guda. Gajeren zama sau huɗu ko biyar a mako ya fi dogon zama ɗaya ranar Asabar, domin abin da ya koya yau yana saurin zamewa in ba a taɓa shi gobe ba.

Na uku shi ne sauƙaƙawa a aji. Ita ba ta koya wa yaro karatu, tana hana rashin karatun ya cinye masa sauran darussa ne. Yaron da ya iya lissafi amma ya kasa karanta tambayar, in ba a karanta masa ba, sifilin da ya ci na karatu ne aka rubuta a gurbin lissafi. Tsarin da ke da sauƙaƙawa babu koyarwa zai kai yaro aji shida cikin kwanciyar hankali bai iya karatu ba. Wanda ke da koyarwa babu sauƙaƙawa kuma zai sa ya tsani makaranta kafin koyarwar ta yi amfani.

Na huɗu shi ne ranakun bita, da abin da za a yi in an zo ba a ga ci gaba ba. Sai kuma kuɗi, ɗorewa, sauƙin aiwatarwa da haɗarin da ke tattare da kowace hanya.

Yadda takardar take idan an cika ta

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara tara a aji uku, a makarantar kuɗi ta unguwa wadda ake koyarwa da Turanci, da yamma kuma tana zuwa Islamiyya. Haddarta ba ta da matsala, har ana yabonta. In an buɗe mata shafin da aka saba karantawa a aji sai ta zuba shi tiryan-tiryan, amma in aka nuna mata kalma ɗaya daga tsakiyar layi sai ta kalli fuskar malama. Da kunne ta ɗauke shafin. Saboda haka duk awon da za a yi mata dole ya zama da rubutun da ba ta taɓa ji ba.

A mako na biyu na zangon farko, cikin Satumba, aka auna ta da abu uku. An ba ta kati mai kalmomin Hausa 20 masu gaɓa biyu, irin su kifi, tuta, rana, ta karanta 7 daidai. An ba ta ƙagaggun kalmomi 10 marasa ma'ana, irin su lomu, waɗanda ba yadda za a yi ta cince su, ta sami 3. An buɗe mata gajeren labari aka kunna agogon waya minti ɗaya, aka ƙirga kalmomin da ta karanta aka cire kurakurai, ya rage 11. Wannan awo ba ya ɗaukar minti goma sha biyar, kuma shi ne ƙashin bayan takardar gaba ɗaya.

Burin zangon sai ya zama haka: zuwa makon farko na Disamba ta karanta 16 cikin 20 a sabon kati mai wahala iri ɗaya, ta sami 8 cikin 10 a ƙagaggun kalmomi, ta kai kalma 20 a minti. An fara da Hausa da gangan. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. Yarinyar da ta gane dabarar haɗa baƙi da wasali a harshen da take mafarki da shi, za ta shiga Turanci da makami a hannu. Akwai littattafai da aka shirya a kan wannan tsari, kamar na shirin Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da na RANA a Katsina da Zamfara. Abin lura ɗaya: kada a koya mata b da d da ɓ da ɗ a mako guda. A bar ɗaya ya zauna sosai kafin a kawo ɗan'uwansa. Juya b da d kuwa shi kaɗai ba alamar disleksiya ba ce, yara da yawa suna yi har wajen shekara bakwai su daina.

Sauƙaƙawar da aka rubuta mata biyar ce. A karanta mata tambayoyin jarrabawar lissafi da kimiyya, amma ban da jarrabawar karatu, domin can karatun ake aunawa. A ƙara mata rubu'in lokaci, jarrabawar awa ɗaya ta zama minti 75. Kada a tashe ta ta yi karatu a gaban aji sai layin da aka ba ta tun jiya ta shirya. Kada a rage mata maki saboda kuskuren rubutu a darasin da ba na shifta ba. Kwafe dogon rubutu daga allo kuma a rage, a ba ta takarda ko a bar uwar ta ɗauki hoton littafin wata ɗaliba. Uban ya je da kansa ya gaya wa malamin Islamiyya, aka yarda ba za a dake ta a kan haɗa baƙi ba, a bar ta ta ci gaba da hadda.

Ranakun bita: awo na minti biyar duk bayan mako biyu, a rubuta lambar a bayan takardar. Zama na farko a mako na shida, wajen ƙarshen Oktoba. Babban zama a makon farko na Disamba, kafin hayaniyar jarrabawa, ba ranar karɓar sakamako ba, lokacin da malama ke da iyaye arba'in a bakin ƙofa. An kuma rubuta ƙa'ida: in awo uku a jere bai motsa ba, ba za a jira ƙarshen zango ba, za a canja abu ɗaya, ko a ƙara yawan zama, ko a koma matakin baya, ko a canja mai koyarwa. Abu ɗaya kawai, domin in an canja uku ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Yanzu ga hanyoyin huɗu, kowace da yadda za ta riƙe irin wannan takarda.

Hanya ta farko: makarantar da yake ciki

A nan hedimasta da malamar aji ne ke riƙe da takardar. Kuɗi kusan babu, sai dai ɗan abin da wasu makarantu ke karɓa na ƙarin darasi. Ƙarfin wannan hanya yana wajen sauƙaƙawa, domin ba wanda zai iya ƙara wa yaro lokaci a jarrabawa ko ya hana a tashe shi karatu sai mai ajin. Duk hanyar da kuka zaɓa daga baya, wannan ɓangaren sai kun dawo makaranta kun nema.

Rauninta yana wajen koyarwa. Malamar da ke da yara sittin ko fiye ba ta da minti ashirin na yaro ɗaya, ko da tana da niyya. Inda abin ke yiwuwa shi ne makarantar da ke da wani malami da ya sami horo a kan koyar da sautuka, misali tsarin Jolly Phonics da aka horar da malaman firamare da yawa a kai a jihohin Nijeriya, mai sautuka 42 na Turanci da ake farawa da s, a, t, i, p, n. In akwai irin wannan malami, a roƙi hedimasta ya ware masa minti ashirin da safe da yara uku ko huɗu masu irin matsalar. Ƙaramin rukuni irin wannan yana aiki, kuma ya fi sauƙin samu a kan a ce yaro ɗaya tak.

Ɗorewarta ba ta da tabbas. Malamar da kuka fahimci juna da ita za ta iya barin aiki a tsakiyar zango, ko yaro ya wuce aji na gaba a fara daga farko. Maganin wannan shi ne hedimasta ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna a fayil ɗin yaro, ɗaya a gida, kuma a sa zaman miƙa takarda ga sabuwar malama a makon farko na Satumba cikin ranakun bita. Babban haɗarin kuwa shi ne a ce muku "yana ƙoƙari" a kowane zama. In kun ji haka, ku ce, "Malama, a nuna mana lambar wancan watan da ta wannan watan." Haɗari na biyu shi ne a ba ku shawarar ya maimaita aji. Maimaita shekara da irin koyarwar da ta kasa a karon farko ba ya gyara komai, sai dai ya ƙara masa kunyar zama da ƙannensa.

Hanya ta biyu: ƙwararren malami daga waje

Wannan ce hanyar da ta fi ƙarfi wajen buri da koyarwa, kuma ita ce aka fi yin asarar kuɗi a cikinta, saboda ana rikita ta da lesin. Malamin lesin na yau da kullum aikinsa ya maimaita abin da aka yi a aji ya taya yaro aikin gida. Ga mai disleksiya wannan kamar ƙara wa mota mai ne alhali taya ce ta fashe. Aikin gida zai riƙa dawowa da maki mai kyau, iyaye su ji daɗi, karatu kuwa yana nan inda yake.

Wanda kuke nema shi ne wanda ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman ko ya sami horo a kan koyar da karatu daki-daki. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Jos suna da sashen wannan fanni, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo wadda aikinta ke nan. Amma takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, domin wani a kan makafi ko kurame ya ƙware, bai taɓa zama da mai matsalar karatu ba. Ku gwada shi da tambaya uku. Me za ka auna a zaman farko? Wane jerin sautuka kake bi, kuma ina yake a rubuce? In bayan mako shida ba ci gaba, me za ka canja? Wanda ya san aikin zai amsa ba tare da dogon tunani ba. Wanda ya yi muku alkawarin yaro zai warke cikin wata uku, ko ya kawo maganar tabarau mai launi ko wani maganin ƙarin basira, ku sallame shi da mutunci. Disleksiya ba ta warkewa, iya karatu ne ke ƙaruwa, kuma sau da yawa saurin karatu da rubutu daidai suna ci gaba da ba mutum wahala har girma.

Ku zauna a zama ɗaya ku gani. A zama mai kyau na minti arba'in, za a fara da katunan sautukan da aka riga aka koya, yaro na faɗa da sauri. Sai malami ya faɗi sauti yaro ya rubuta, wani lokaci da yatsa a kan yashi a faranti. Sai sabon sauti ɗaya, sai haɗa kalmomi da shi, sai ɗan labarin da ba shi da ko kalma ɗaya mai sautin da ba a koya ba tukuna. Yaron ne ke yawan magana, ba malamin ba.

Wajen kuɗi, kada ku tsaya a farashin zama ɗaya. Zama uku a mako na mako goma sha biyu zama 36 ne a zango, 108 a shekara, ga kuɗin Adaidaita in ku ne masu zuwa. Ku ninka, sannan ku tambayi kanku ko za ku iya ɗauka shekara biyu, domin aikin ba na zango ɗaya ba ne. In ba za ku iya ba, gara zama ɗaya a mako wanda zai ɗore, malamin ya riƙa ba ku aikin sauran kwanakin, da zama uku da za a yanke bayan wata biyu. Raunin wannan hanya shi ne malamin waje ba shi da iko a aji. In bai taɓa haɗuwa da malamar aji ba, yaro zai ci gaba da yamma, da safe a ci gaba da kunyata shi.

Hanya ta uku: canja makaranta

Wasu makarantun kuɗi, galibi a manyan birane, suna da sashen tallafa wa masu matsalar koyo. In na gaske ne, komai yana wuri ɗaya: mai auna yaro, mai koya masa, malamar aji da jarrabawa, kuma ranakun bita suna cikin kalandar makaranta, ba sai kun bi kowa da roƙo ba. Ita ce mafi tsada nesa ba kusa ba, domin ban da kuɗin makaranta sau da yawa akwai kuɗin sashen daban, kuma in kuɗi ya yanke a tsakiya, komawa tsohuwar makaranta yana yi wa yaro ciwo.

A nan allon talla ba shaida ba ne. Ku nemi a nuna muku takardar wani ɗalibi da aka rufe sunansa. In burin da ke ciki irin "ya ƙara ƙwazo" ne, kun ga abin da za a rubuta wa naku. Ku tambayi yara nawa ke hannun malamin sashen, da kuma wane darasi ake fitar da yaro daga ciki don a koya masa karatu. In daga darasin da ya fi so ake cire shi kullum, ko lokacin tara, zai ɗauki taimakon a matsayin horo. Kuma a kula da wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya: kai mai disleksiya makarantar makafi da kurame ko ta masu taɓin ƙwaƙwalwa. Ba wurinsa ba ne. Basirarsa daidai take da ta 'yan ajinsa, manhajar kowa yake buƙata.

Hanya ta huɗu: gida

Uwa ko uba ko wata yayar da ta iya karatu ta riƙe takardar, minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum, da littafi mai bin sautuka a jere. Kuɗinta na littafi da kati ne kawai, kuma ta fi kowace ɗorewa, domin gida ba ya canja malami. Ita kuma tana aiki ko a dogon hutu na Yuli zuwa Satumba, lokacin da mai disleksiya ke zubar da abin da ya tara. Saboda haka ma ake sake awo a farkon kowace shekara maimakon a ɗora a kan lambar Yuli. Da azumi kuma a rage buri tun a takarda, kada a zo bita a ga kamar yaro ne ya koma baya.

Wahalarta ba ta ilimi ba ce kawai. Kalmar da yaro ya karanta daidai a layi na biyu zai kasa ta a layi na biyar, kuma uwar da ta gaji tana iya ɗauka raini ne. In zaman ya fara ƙarewa da kuka ko tsawa sau biyu a mako, a miƙa wa wani. Sannan mai koyarwa shi ne mai aunawa, ga shi kuma yana son yaron, sai ya riƙa taya shi da baki ba tare da ya sani ba. A ba wani daban ya yi awon, ko a ɗauki muryar yaron a waya a ƙirga daga baya.

| Ma'auni | Makarantarsa | Ƙwararre daga waje | Sabuwar makaranta | Gida |
|---|---|---|---|---|
| Buri mai lamba | Sai kun matsa | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi in sashen na gaske ne | Yana yiwuwa da jagora |
| Koyarwa | Rauni, sai in akwai ƙaramin rukuni | Mafi ƙarfi | Mai kyau | Ya danganta da littafi da haƙuri |
| Sauƙaƙawa a aji | Mai ƙarfi | Ba shi da iko | Mai ƙarfi | Babu |
| Ranakun bita | Suna yawan zamewa | Ana kiyayewa | Suna cikin kalanda | Sai an sa wani ya tuna |
| Kuɗi | Kaɗan | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi yawa | Mafi ƙanƙanta |
| Ɗorewa | Tana bin malama | Tana bin aljihu | Tana bin aljihu | Mai ɗorewa |
| Babban haɗari | "Yana ƙoƙari" | Lesin da sunan ƙwarewa | Talla babu aiki | Faɗa tsakanin uwa da ɗa |

Wacce ta dace da wa

In yaron yana aji ɗaya ko biyu kuma zargi ne kawai, ku fara da makarantarsa da gida, ku yi awo, ku ba shi zango ɗaya cikakke. Ba sai kun jira takardar gwaji daga ƙwararre kafin ku fara ba, domin koyarwar da za a yi ba ta cutar da wanda ba shi da disleksiya. In lambobin sun tashi da sauri, da ma koyarwa ce ta yi masa ƙaranci. In sun ƙi motsi duk da an yi aikin, kun sami hujjar da za ku kai wa ƙwararre.

In yana aji uku zuwa biyar kuma har yanzu haɗa baƙi yana ba shi wahala, kamar yarinyar misalinmu, a ganina kada a tsaya a kan makaranta kaɗai. A ɗauki ƙwararre ya riƙe buri da koyarwa, makaranta ta riƙe sauƙaƙawa, a takarda ɗaya, kuma su biyun su zauna tare a zaman bita ko da sau ɗaya ne a zango. In aljihu bai kai ba, ƙwararre sau ɗaya a mako, gida kwana huɗu.

In yana aji shida ko ya shiga sakandare, nauyin ya koma kan sauƙaƙawa, ba tare da an bar koyarwa ba. A nan ake buƙatar a naɗa masa darussa a waya ya saurara, a bar shi ya amsa wasu da baki, kuma a fara tambayar makaranta shekara guda kafin babbar jarrabawa irin sauƙin da hukumar jarrabawar ke bayarwa da takardun da take nema. Tsofaffin takardun bita masu sa hannun hedimasta su ne shaidar cewa ba yau aka fara ba. Shi ma yaron a wannan shekarun a zaunar da shi a zaman, a tambaye shi wace sauƙaƙawa ce ke taimakonsa, wacce ce ke sa abokai su yi masa dariya.

Canja makaranta kuwa na wanda makarantarsa ta ƙi ne: an kai takarda an ƙi sa hannu, ko an sa hannu ana ci gaba da dukansa a kan karatu, ko yaron ya fara ciwon ciki kowace safiyar Litinin. In haka ta faru kuma sabuwar makarantar mai sashe ta fi ƙarfinku, ƙaramar makaranta mai yara ashirin da biyar a aji da hedimasta mai sauraro za ta iya riƙe sauƙaƙawar, ku nemi koyarwar a waje.

Wanda ke ƙauye ko garin da babu ƙwararre, gida da makaranta ne hanyarsa. Ya nemi malamin aji ɗaya ko biyu da ya taɓa samun horon koyar da karatun Hausa, ya roƙe shi ya riƙa yin awon duk bayan mako biyu, a rubuta ranakun zama uku na shekarar a bangon littafin yaron tun makon farko.